Fantum: Waƙar da Kowane Ɗango Ke Zuwa Sau Biyu

Fantum wani tsarin waƙa ne mai baitoci 'yan ƙwar huɗu, wanda ake ɗaukar ɗango na biyu da na huɗu na kowane baiti a mai da su ɗango na ɗaya da na uku na baitin da ke biye. Haka ake tafiya har baitin ƙarshe, inda waƙar ke rufewa da ɗangon da ta buɗe da shi. Idan aka bi tsarin sosai, babu ɗangon da ba a ji shi sau biyu ba, kuma kowane karo a sabon mazauni, tsakanin sababbin maƙwabta. Wannan ne ya sa malaman harshe ke son sa a aji. Ɗalibin da ya gwada shi zai gani da idonsa cewa jimla ɗaya tana iya faɗin abu biyu ba tare da an taɓa kalma ko ɗaya a cikinta ba, muddin an sauya abin da ke gabanta da abin da ke bayanta.

Asalinsa

Tushen tsarin yana ƙasashen Malayu, wato Malesiya da Indonesiya da Burunai da Singafo, inda ake kiran waƙar fantun. A rubutun boko na can da na Turai, da harafin p sunan yake farawa. Waƙar baka ce tun asali, wadda ake jefa wa juna a wurin neman aure da biki da hira: wani ya kawo baiti, wani ya mayar masa nan take. Daga baya ta shiga rubutu cikin haruffan Jawi, wato ajamin Malayu, kuma ana samun ta a tsofaffin littattafai irin su Sejarah Melayu da Hikayat Hang Tuah. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya, da sunan Indonesiya da Malesiya tare.

Baitin fantun na yau da kullum ɗangwaye huɗu gare shi, kowanne da gaɓoɓi takwas zuwa goma sha biyu. Ɗango na ɗaya yana amsa amo da na uku, na biyu kuma da na huɗu. Abin da ya fi bambanta shi da sauran waƙoƙi shi ne rabuwar baitin gida biyu. Ɗangwaye biyu na farko suna kawo hoton wani abu na fili, kamar kogi ko jirgin ruwa ko tsuntsu ko gonar shinkafa, kuma sunan da Malayu ke ba wannan rabi yana ɗauke da ma'anar inuwa. Biyun ƙarshe su ne ke faɗin abin da ke zuciyar mai waƙa, kuma ana kiran su maksud, kalmar Larabcin nan da Hausa ta ara ta zama maƙasudi. A zahiri rabin farko ba ruwansa da na biyu. Gwani shi ne wanda zai sa inuwar ta share wa maƙasudin hanya, ta amo ko ta yanayi, ba tare da ya fito ya ce wannan kamar wancan yake ba.

Daga cikin ire-iren fantun akwai wanda ake kira berkait, wato sarƙaƙƙe, kuma shi ne mai ɗauko ɗangwaye biyu daga baiti zuwa baiti. Wannan reshe ne ya tsallaka Turai. William Marsden ya buga misalinsa a littafinsa na nahawun Malayu a 1812. A 1829 Victor Hugo ya sanya fassarar Faransanci ta irin wannan waƙa, wadda Ernest Fouinet ya yi, a cikin bayanan ƙarshen littafinsa Les Orientales, kuma daga nan ne sunan ya bazu da harafin m a ƙarshe. Mawaƙan Faransa suka karɓe shi. Théodore de Banville ya shimfiɗa masa ƙa'idoji a littafinsa kan waƙar Faransanci: waƙar ta ƙare da ɗangon farko, kuma ma'anoni biyu su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a rabin farko na kowane baiti, ɗaya a rabi na biyu. Waƙar da aka fi ambata a matsayin misali ita ce Harmonie du soir ta Charles Baudelaire, a cikin Les Fleurs du mal na 1857, sai dai ba ta dace a fara koyarwa da ita ba, domin ta bar ƙa'ida a wurare biyu: amsa-amonta ba na tsallake ba ne, kuma ba ta koma ga ɗangon farko ba. Mawaƙan Ingilishi na ƙarni na 20, irin su John Ashbery da Donald Justice, sun ci gaba da amfani da tsarin, kuma da yawa daga cikin masu rubuta shi a yau sun yar da amsa-amo da rabon baiti biyu, sun riƙe maimaicin kawai.

Tsarin a lissafe

Hanya mafi sauƙi ta ganin ginin ita ce a ba kowane sabon ɗango lamba. Ga fantum mai baitoci huɗu:

Baiti na ɗaya: 1, 2, 3, 4
Baiti na biyu: 2, 5, 4, 6
Baiti na uku: 5, 7, 6, 8
Baiti na huɗu: 7, 3, 8, 1

Waƙar tana da layuka goma sha shida a takarda, amma takwas kacal ake ƙirƙira. Baiti na ɗaya ne kaɗai ke cin sababbin ɗangwaye huɗu. Na tsakiya biyu-biyu suke ci, na ƙarshe kuwa ba ya cin ko ɗaya, domin duk abin da ke cikinsa an riga an faɗa. Ko nawa ne yawan baitocin, adadin ɗangwayen da za a ƙirƙira ninki biyu ne na adadinsu. Wasu mawaƙa kan sa sabon ɗango a gurbi na biyu na baitin ƙarshe maimakon su dawo da na 3, wasu kuma kan musanya gurbin 3 da 1. Ga aji, tsarin da ke sama ya fi, saboda ba ya barin ɗango ko ɗaya ba tare da ya sake fitowa ba.

Amsa-amo ma lissafin ne ke tsara shi. Ɗango na 1 da na 3 su ƙare da gaɓa ɗaya, haka 2 da 4, haka 5 da 6, haka 7 da 8. Amo huɗu ke nan, kowanne da kalmomi biyu kawai, nauyin da bai kai na waƙar Hausa mai babban amsa-amo guda tun daga farko har ƙarshe ba.

Ɗalibin Hausa ba baƙon maimaici ba ne, tunda ya tashi yana jin amshi a waƙoƙin makaɗa da na gaɗa. Amma ya kamata a raba masa abubuwan biyu tun da wuri. Amshi wuri ɗaya yake zama, yana dawowa bayan kowane ɗiyan waƙa, kuma aikinsa ya riƙe jigo ya ba jagora damar numfasawa. A fantum babu ɗangon da ya fi wani gata: kowanne sau ɗaya yake dawowa, ya yi sabon aiki, ya wuce. Abin da ya fi kusa da shi a rubutacciyar waƙar Hausa shi ne tahamisi, inda wani mawaƙi ke ƙara ɗangwaye uku a kan biyu na wani, tsofaffin su sami sababbin maƙwabta. Bambancin shi ne mai fantum daga kansa yake aro.

Misali a kan abota

Ga waƙar da aka tsara domin wannan bayani. Kowane ɗango gaɓoɓi tara ne.

Ruwa ya sauka bayan fari,
gero ya cika rumbu bara.
Abokina ya dawo gari,
mun raba dare muna hira.

Gero ya cika rumbu bara,
rani ya ƙi ƙarewa bana.
Mun raba dare muna hira,
ya ce zai komo da damina.

Rani ya ƙi ƙarewa bana,
kowa yana ta yin addu'a.
Ya ce zai komo da damina,
ina ta jiran wannan sa'a.

Kowa yana ta yin addu'a
abokina ya dawo gari.
Ina ta jiran wannan sa'a:
ruwa ya sauka bayan fari.

Waƙar ta bi rabon Malayu. Rabin sama na baitoci uku na farko zancen ruwa da rani da gero ne, rabin ƙasa kuma zancen aboki. Babu inda aka ce abokin kamar ruwa yake, kuma kalmar kewa ko ƙauna ba ta fito ba ko sau ɗaya. Zaman hotunan kusa da juna ne ya ɗauki wannan nauyi.

Abin dubawa shi ne me ya sami kowane ɗango a zuwansa na biyu. "Gero ya cika rumbu bara" a baiti na ɗaya albarka ce da ta biyo bayan saukar ruwa. Da ya buɗe baiti na biyu, ya haɗu da ranin da ya ƙi ƙarewa, sai nauyin jimlar ya koma kan kalmar bara, ta zama tunawa da abin da babu shi yanzu. "Mun raba dare muna hira" da farko daren dawowa ne, dare na murna, tunda ya biyo bayan shigowar aboki gari. A baiti na biyu abin da ke bayansa alkawarin komowa ne, kuma ba a yin alkawarin komowa sai za a tafi. Daren ya zama na sallama ke nan, kuma ta wannan hanya aka sanar da tafiyar abokin ba tare da an kashe ɗango a kanta ba.

Alkawarin shi ma ya sauya fuska. A ƙarshen baiti na biyu magana ce mai kwantar da hankali. A baiti na uku kuwa ta zauna ƙarƙashin rani mai tsawo da addu'ar jama'a, sai mai karatu ya gane cewa an ɗaure dawowar da damina, damina kuma ta ƙi zuwa.

Baitin ƙarshe shi ne inda nahawun Hausa ya ba mai waƙa abin da ba kowane harshe ke bayarwa ba. A rubutun boko ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "ya dawo" na labari da "ya dawo" na fata iri ɗaya ake rubuta su. A baki kuwa sun bambanta. Wanda ke ba da labarin abin da ya riga ya faru yana jan wasalin "ya" da sauti sama. Wanda ke roƙo ko fata, kamar a "Allah ya sa ya dawo", gajere yake faɗinsa da sauti ƙasa. A baiti na ɗaya, "abokina ya dawo gari" labari ne. A baiti na huɗu ya biyo bayan "kowa yana ta yin addu'a" babu waƙafi a tsakaninsu, sai ya zama abin da ake roƙo. Addu'ar da a baiti na uku ta roƙon ruwa ce ta koma addu'ar dawowar mutum. Haka ɗangon farko ya dawo a ƙarshe a matsayin abin da ake jira, ba abin da ya auku ba, kuma "wannan sa'a", wadda da farko ta waiwayi alkawarin da ke bayanta, yanzu tana nuna abin da ke gabanta.

Akwai wani abu da lissafin kansa ke haifarwa. Ɗango na 3 ɗan rabin ƙasa ne, amma a baitin ƙarshe ya hau rabin sama. Na 1 ɗan rabin sama ne, ya sauko ƙasa. Zancen ruwa da zancen aboki, waɗanda suka yi baiti uku kowa a layinsa, a nan suka harɗe kamar tufkar igiya, har ya zama fari ba na gona kaɗai ba ne. Wanda ya san wannan tun kafin ya ɗora alƙalami zai zaɓi ɗangwayen farko da wannan haɗuwa a ransa.

Abota ta dace da wannan tsari saboda dalili bayyananne. Labarin abota galibi labarin abubuwa ne masu dawowa: wurin zama guda, hira guda, tafiya da komowa, magana da aka yi tun tuni wadda sai daga baya ake gane nauyinta. Fantum ba ya iya gudu da labari, tunda kowane taku biyu gaba yana tare da waiwaye biyu. Jigon da ke buƙatar sunaye da aukuwa bi da bi, kamar tarihin yaƙi ko tafiyar Hajji daga tashi zuwa sauka, zai sha wahala a cikinsa. Jigon tunawa da jira da sabo kuwa yana samun wurin zama.

Yadda ake gina shi

Kuskuren farko da masu koyo ke yi shi ne su fara daga sama su gangaro, kamar mai rubuta wasiƙa. Sai sun iso baitin ƙarshe su tarar ɗangwaye huɗu sun haɗu ba su san juna ba. Tsarin da ya fi aiki shi ne a fara da baitin ƙarshe a zuci, ko da ba a rubuta shi ba.

A misalin nan, ɗango na 3 aka fara samu, saboda an san zai iya zama labari kuma ya zama fata. Da farko "abokina ya dawo gida" ne. Da aka nemi ɗangon ruwa mai ƙarewa da gaɓar da, kalmomin da suka zo, irin su tsada da takarda da shaida, ba su shiga zancen damina ba. Da aka mai da gida ta zama gari, sai fari da hadari da wuri suka buɗe, aka sami ɗango na 1. Darasin shi ne a sauya kalmar ƙarshe tun da wuri idan ba ta da 'yan uwa a cikin jigon, kada a tilasta wa ma'ana ta bi amo.

Daga nan aka tsallaka zuwa na 7 da na 8, domin su ne za su tsaya gaban na 3 da na 1. Na 7 yana da aiki biyu: ya zama cikakkiyar jimla a kan rani, kuma ya zama buɗaɗɗiyar ƙofa da wata jimla za ta shigo ta ciki. Kalmomi irin su addu'a, fata, jira, tsoro, cewa da tsammani suna da wannan hali, suna iya tsayawa su kaɗai, suna kuma iya jawo magana a bayansu. Da aka zaɓi addu'a, sa'a ta zo ta ba na 8 amonsa. Sai a ƙarshe aka cike tsakiya da 2 da 4, sannan 5 da 6, inda bara da bana suka ɗauki nauyin nuna wucewar lokaci.

Game da awo, misalin yawan gaɓoɓi kawai ya ƙirga, kamar yadda fantun na Malayu ke yi. Rubutacciyar waƙar Hausa ta gargajiya nauyin gaɓa take aunawa, mai nauyi da marar nauyi, bisa karuruwan da aka gada daga Larabci. Ajin da ya riga ya koyi kari yana iya ɗora fantum a kan wanda ya ga dama, sai dai a lura da abu ɗaya: idan "ya" ta sauya daga doguwa zuwa gajeriya a zuwa na biyu, nauyin gaɓar ya sauya, kuma karin na iya karyewa a nan. Ga masu farawa, ƙirgen gaɓoɓi ya wadatar.

Inda ake tuntuɓe

Matsalar da ta fi yawa ita ce ɗangon da ba ya motsi. Ɗalibi zai rubuta "abota abu ce mai daɗi" ko "aboki na gari ya fi kuɗi". Maganar gaskiya ce, amma ta riga ta rufe kanta. Duk inda aka ajiye ta abu ɗaya za ta faɗa, kuma a zuwa na biyu sai ta zama cikon layi. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe sauran waƙar, a karanta ɗangon tare da maƙwabcinsa na farko, sannan tare da na biyu, a tambayi mai shi me ya sauya. Idan amsar ita ce babu, ɗangon bai cancanci gurbinsa ba. Maganin kusan kullum shi ne a bar hukunci a koma ga aiki ko abu: raba goro, aron keke, ajiye wa wani wuri a benci, rakiya zuwa tasha. Aiki yana karɓar fassara fiye da ɗaya, hukunci kuwa fassararsa na tare da shi.

Ta biyu ita ce ɗangon da ba ya iya tsayawa da ƙafarsa. Duk ɗangon da ya zo na biyu a baiti zai buɗe baiti na gaba, don haka idan ya fara da "wanda" ko "kuma" ko "domin", zai buɗe baitin yana rataye. A Hausa wannan ya shafi zaɓi tsakanin "mun" da "muka". Da an rubuta "muka raba dare muna hira", zai zauna daidai a baiti na ɗaya, bayan dawowar aboki. A baiti na biyu kuwa zai faɗo bayan zancen rani, kuma "muka" tana neman wani abu a gabanta da za ta jingina da shi, ba ta same shi ba. "Mun" ba ta da wannan buƙata. Nan wuri ne mai kyau da malami zai nuna bambancin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, domin kunnen ɗalibi zai ji gurguncewar kafin a gaya masa sunanta.

Wakilin suna ma yana kawo ruɗani. A baiti na uku na misalin, "ya ce zai komo" ya biyo bayan "kowa", kuma mai karatu da sauri na iya ɗauka kowa ne ya ce. Abin da ya cece shi shi ne an riga an ji ɗangon a baiti na biyu, an san mai maganar. Da a ce waƙar tana da abokai biyu maza, da "ya" ta rikice gaba ɗaya. Saboda haka ya fi kyau mai koyo ya tsaya ga mutum biyu, mai magana da abokinsa ko ƙawarta.

Sai amsa-amon ganganci. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma wasalin a ya fi yawa, don haka ɗalibi na iya haɗa gona da hira ya ce sun amsa. A al'adar waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ce gaba ɗaya ke amsawa, baƙi da wasali. A misalin, ra da na da 'a duk wasali ɗaya gare su, kuma baƙin ne kaɗai ya raba su. Idan aka yi sakaci da baƙin, tsallaken amon zai ɓace, baitocin su zama abu guda a kunne.

Akwai kuma tambayar da kowane aji ke yi: ko an yarda a ɗan gyara ɗango a zuwansa na biyu? Mawaƙan zamani da yawa suna yin haka, su sauya kalma ɗaya ko lokacin aiki. Ga mai koyo, ya fi amfani a hana a aikin farko, a bar masa alamomin rubutu kawai, wato aya da waƙafi da ruwa biyu da alamar tambaya. Wanda aka ba izinin sauya kalma zai gudu daga wahalar da ita ce darasin. Cire waƙafi ɗaya a ƙarshen "kowa yana ta yin addu'a" shi ne ya juya baitin ƙarshe na misalin, kuma ɗalibin da ya gano irin wannan da kansa ba zai ƙara ɗaukar alamomin rubutu a matsayin ado ba.

Aikin aji

Darasin yana tafiya daidai idan aka fara da kunne. Malami ya karanta waƙar da ƙarfi sau biyu ba tare da ya bayyana tsarin ba, ya bar ɗalibai su faɗi abin da suka ji yana dawowa. Dole karatun ya fito da bambancin "ya" ta labari da ta fata, in ba haka ba rabin aikin ya tafi a banza. Bayan haka a rubuta ɗangwaye takwas ɗin a kan guntayen takarda, kowanne kwafi biyu, a ba ƙungiyoyi su jera su da kansu su fitar da lambobin. Wanda ya jera da hannunsa ya fi wanda ya kwafa daga allo riƙe tsarin.

Wajen rubutawa, aikin mutum biyu ya fi dacewa, kuma yana da tushe a al'adar Malayu ta jefa wa juna baiti. Ɗaya ya ɗauki rabin sama, wato ɗangwaye na 1 da 2 da 5 da 7, ya zaɓi abu guda na fili da ya sani sosai, kamar rijiyar unguwa ko kasuwar mako ko sanyin hunturu. Ɗayan ya ɗauki 3 da 4 da 6 da 8, ya yi zancen aboki. Dole su zauna tare a kan amo, tunda kowane ɗango na ɗaya yana da abokin amsawa a hannun ɗayan, kuma dole su daidaita a kan baitin ƙarshe inda layukansu za su haɗu. Baitoci huɗu sun isa. Uku sun yi kaɗan a ga wucewar lokaci, shida ko fiye kuma suna gajiyar da mai farawa har maimaicin ya zama na dole.

Wajen duba aiki, daidaiton lambobi shi ne mafi sauƙin gani kuma mafi ƙarancin daraja, domin kowa na iya kwafar layi daga sama zuwa ƙasa. Abin da ya kamata ya ɗauki maki mafi yawa shi ne ɗan bayanin da ɗalibi zai haɗa da waƙarsa, inda zai ɗauki ɗangwaye biyu ko uku ya rubuta, jimla ɗaya ga kowanne, me ɗangon ya faɗa a zuwan farko da me ya faɗa a na biyu, da kuma abin da ya jawo sauyin: maƙwabci ne, alamar rubutu ce, ko karin sauti. Bayan wannan sai a duba tsayuwar kowane baiti a nahawu, sannan amsa-amo da yawan gaɓoɓi.